Labarin da Kunne Zai Ɗauka: Yadda Ake Rubuta Labaran Gari na Rediyo

Mai karanta jarida idan jimla ta shige masa duhu, sai ya mayar da ido baya ya sake bi. Mai sauraron rediyo ba shi da wannan gata. Sau ɗaya maganar take wucewa, kuma galibi tana iske shi ne hannunsa na kan wani aiki: tela na taka keke, uwar gida na tankaɗe, direba na neman inda zai kauce wa rami. Abin da kunne bai kama ba a karon farko ya tafi ke nan. Duk ƙa'idojin rubuta labaran rediyo daga wannan matsala guda suka tsiro.

Hausawa ba baƙi ba ne a jin labari ta kunne. Tun kafin rediyo akwai sankira da mai shela, waɗanda ke zagaya gari da saƙon sarki, su faɗe shi a gajarce, su maimaita a kowace mararraba. Sashen Hausa na BBC ya fara watsa shirye-shirye a 1957, gidan rediyon Kaduna ya biyo a 1962, Freedom Radio ta buɗe a Kano a 2003, sannan tashoshin FM suka yi ta yawaita. A Nijar kuwa ƙananan rediyoyin karkara sun bazu tun daga wajejen shekarar 2000, kuma tun 2016 da yawansu ke ɗaukar labaran Studio Kalangou daga Yamai, da Hausa da Zabarmanci da wasu harsunan ƙasar. Sai dai labaran gari, wato na unguwa da ƙauye da kasuwar mako, suna da wani nauyi da labaran duniya ba su da shi. Idan aka ce an yi girgizar ƙasa a wata nahiya, mai sauraro zai ce Allah ya kyauta ya ci gaba da harkarsa. Idan aka ce shanu sun shiga gonar wane, to ya san wane, ya san masu shanun, wataƙila ma surukinsa ne ɗaya daga ciki. Kalma guda da ta karkata tana iya fitar da mutane da sanduna kafin a gama karanta labarin.

Bari mu ɗauki misali guda mu bi shi daga farko har ya hau iska. Misalin ƙirƙirarre ne, sunan ƙauyen ma aro ne, amma duk wanda ya taɓa zama a ɗakin labarai lokacin kaka ya ga irinsa. Wakilin tasha ya turo wannan ta waya:

"A wani mummunan al'amari mai tayar da hankali da ya auku jiya da misalin ƙarfe 5:30 na yamma a ƙauyen Unguwar Rimi, wasu miyagun makiyaya 'yan ƙabilar kaza sun afka wa gonar wani bawan Allah da gangan, inda suka cinye masa dawa ta kimanin N250,000, lamarin da ya haddasa ƙazamin rikici wanda ya yi sanadin jikkata mutane da dama, yayin da dagacin garin, wanda ake zargin yana ɗaure musu gindi, ya yi gum da bakinsa."

Gwada karanta shi da ƙarfi. Jimla ɗaya ce mai kalma sama da saba'in, kuma numfashi zai ƙare maka tun kafin ka kai kan dawar. Wannan shi ne ciwon da ya fi bayyana, amma ba shi ne mafi haɗari ba.

Kafin a taɓa alƙalami

Edita mai hankali ba ya fara da gyaran jimla. Yana fara da tambayar wakilin: wa ya gaya maka? Sau da yawa amsar ita ce mai gonar da 'yan'uwansa. To ashe labarin na ɓangare ɗaya ne, an yi masa rigar gaskiya. Kalmar "da gangan" hukunci ce a kan abin da ke cikin zuciyar mutum, wakilin kuwa bai ga shigar shanun ba, balle niyyar mai kiwonsu. "Mutane da dama" na iya zama uku, na iya zama talatin, kuma kunnen wanda ya riga ya fusata talatin zai ji. Kuɗin asarar ma ba wanda ya auna. Mai gonar ne ya faɗa cikin zafin rai.

Saboda haka sai a ɗauki waya. A kira asibitin garin a ji mutum nawa aka kawo da halin da suke ciki. A kira 'yan sanda, ko jandarma idan a Nijar ne. A nemi shugaban makiyayan yankin a ji nasa. A kira dagacin da aka ce ya yi gum, domin sau da yawa shirun nasa ba komai ba ne illa ba wanda ya tambaye shi. Idan an nemi wani ɓangare ba a samu ba, ba a ɓoyewa, sai a faɗa a cikin labarin: "Mun kira shugaban makiyayan, ba mu same shi ba." Wannan jimla tana gaya wa mai sauraro cewa labarin bai cika ba tukuna, ya dakata da yanke hukunci.

Zargin ɗaure gindi kuwa cire shi ake yi ɗungurungum. "Ake zargi" ba garkuwa ba ce idan ba za ka iya faɗin mai zargin ba. Wane ne ya zarga, a gaban wa, da wace hujja? Idan amsar ita ce "mutane na cewa", to jita-jita ce, kuma tashar da ta watsa ta ita za ta amsa ƙarar ɓata suna, ba mutanen da ke cewa ba. Haka sunan ƙabila. Ba ƙabila ce ta shiga gonar ba, shanu ne, a hannun wani mutum takamaimai. Da ka ambaci ƙabilarsa ka shafa wa mai sayar da nono a kasuwa da malamin makarantar allo laifin da ba su san hawa ba, ba su san sauka ba.

Ga yadda labarin zai fito bayan an yi waɗannan kiraye-kiraye:

"Mutum uku sun ji rauni a ƙauyen Unguwar Rimi, a rikici kan ɓarnar gona.

Abin ya faru ranar Talata da yamma.

Mai gonar ya ce shanu sun shiga gonarsa sun ci dawa.

Ya ƙiyasta asararsa a kan naira dubu ɗari biyu da dubu hamsin.

Shugaban makiyayan yankin ya ce shanun kuɓucewa suka yi daga hannun mai kiwonsu.

Ya ce a shirye suke su biya abin da aka yanke.

Jami'in asibitin garin ya ce an sallami mutum biyu. Ɗaya yana kwance, yana samun sauƙi.

'Yan sanda sun ce sun kama mutum biyu, kuma suna bincike.

Dagacin Unguwar Rimi ya kira zaman sulhu ranar Alhamis, ƙarfe goma na safe, a ƙofar gidansa."

Wannan ya fi na farko yawan kalmomi, amma ya fi shi sauƙin karantawa nesa ba kusa ba, kuma bai kai minti ɗaya ba. Gajarta a rediyo ta jimla ce, ba lallai ta labarin gaba ɗaya ba.

Jimla ɗaya, magana ɗaya

Dubi yadda aka gina shi. Jimlar farko ta ɗauko abin da ya fi nauyi, wato mutane sun ji rauni, da inda abin ya faru. Ba ta fara da lokaci ba, ba ta fara da gaya wa mai sauraro yadda zai ji a ransa ba. Kowace jimla bayanta ta ɗauki abu guda ta ajiye. Ma'aunin tsawon jimla shi ne numfashi: idan mai karatu ba zai iya kai ta ƙarshe da numfashi ɗaya cikin natsuwa ba, a raba ta. A aikace wannan yakan tsaya a kan kalma goma zuwa goma sha biyar, ashirin idan ta yi tsawo.

Wuraren yanka ba su da wuyar ganewa. Duk inda ka ga "inda", "wanda", "yayin da", "lamarin da" a tsakiyar jimla, to a nan ne marubuci ya ɗaura wata jimla a bayan wata. Sa aya, fara sabuwa. Waɗannan kalmomi sun yi wa Hausar rediyo katutu ne ta hanyar fassara, domin sanarwar hukuma da Turanci ko Faransanci take zuwa, mai fassara kuma yana cikin gaggawa, sai ya bi ta saƙa-saƙa yadda ta zo. Ba wanda ke zaune a majalisar shayi da zai ce wa abokinsa "lamarin da ya haddasa". Zai ce "shi ya jawo faɗan". Hanyar da ta fi ita ce ka karanta takardar hukumar, ka kife ta, ka gaya wa na kusa da kai abin da ta ƙunsa, sannan ka rubuta abin da bakinka ya faɗa.

Akwai kuma dalilin da ya sa mai magana ke zuwa kafin maganarsa. A jarida ana iya rubuta "Shanun kuɓucewa suka yi, in ji shugaban makiyaya." A rediyo idan ka yi haka, mai sauraro ya riga ya ji rabin farko da muryar tasha, ya ɗauke shi a matsayin abin da tasha ta tabbatar, wataƙila ma kukan yaro ya hana shi jin "in ji" ɗin. Kunne ba ya ganin alamar zance. Don haka a fara da wanda ya faɗa, sannan abin da ya faɗa.

Darajar "ya ce"

Sabon marubuci yakan ji kunyar maimaita "ya ce". Malamin insha'i ya koya masa cewa maimaici aibi ne, sai ya shiga neman madadi. A nan ne son kai ke shigowa ta ƙofar baya. Idan ka rubuta cewa mai gona "ya tabbatar da cewa" shanu sun ci masa dawa, shugaban makiyaya kuma "ya yi iƙirarin cewa" kuɓucewa suka yi, ka gama shari'a ba tare da ka sani ba: na farko mai gaskiya, na biyu mai kame-kame. "Ya amsa cewa" na nuna da ma yana ɓoye laifi. "Ya koka", "ya caccaki", "ya sha alwashi" duk suna ɗauke da zafi. Mafi sharrinsu ita ce "wai". Ƙaramar kalma ce, amma idan ka ce "wai shanun kuɓucewa suka yi", ka ƙaryata mutumin a gaban duk garin.

"Ya ce" ba ta da gefe. Kunne ba ya gajiya da ita, domin ba ya ma lura da ita. A ba kowa ita daidai wa daida.

Haka sifofi. "Mummunan", "ƙazamin", "mai tayar da hankali", "bawan Allah", "miyagu": kowace ɗaya ra'ayin marubuci ce. Mutum uku sun ji rauni; mai sauraro ba ya bukatar a gaya masa abin ba daɗi. Ni a ganina kirari ma yana cikin wannan sahu, ko da yake na san a nan za a yi mini gardama. Ladabinmu bai yarda a kira sarki da gundarin sunansa ba, kuma "Mai Martaba" laƙabin kujera ne, ya zauna. Amma idan shugaban ƙaramar hukuma ya zama "haziƙi, jajirtacce, mai kishin talakawa" a cikin labaran ƙarfe bakwai, abokin hamayyarsa kuma aka kira shi da sunansa tsura, an bar labarai an koma roƙo. Muƙami da suna sun isa, muƙamin a gaba, don kunne ya san matsayin mutum kafin sunan ya iso.

Rashin ɗaukar gefe ba ya ƙarewa a takarda. Mai karatu na iya lalata rubutu mai tsabta da murya kaɗai: ɗan jan sauti a kan "kuɓucewa", ɗan murmushi da ake ji a maƙogwaro, ko tsaki da bai gama fita ba. Shi ya sa masu gabatar da shirye-shiryen barkwanci da na siyasa, komai farin jininsu, sai sun sauya murya idan suka zauna karanta labarai.

Abin da bokonmu ba ya nunawa

Rubutun Hausa na yau da kullum ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali, mai karatu ne ke cike gurbin daga ma'ana. A littafi wannan ba matsala ba ce. A gaban makirufo, inda ba damar komawa baya, tarko ne. Dubi wannan jimla: "Dagaci ya ce mai gonar ya je ofishin 'yan sanda." Ya riga ya je ne, ko umarni aka ba shi ya je? A baki sautin biyun daban ne, a takarda iri ɗaya. Mai karatu zai zaɓi ɗaya a cikin ƙiftawar ido, kuma yana iya zaɓar wanda ba shi ba. Aikin marubuci ne ya toshe ƙofar: ko "ya riga ya je", ko "ya umarci mai gonar da ya je". Haka tsakanin "an rufe burtali" da "a rufe burtali" harafi ɗaya ne, amma na farko labari ne, na biyu kira ne. Kuma a riƙa sa ƙugiyar ƙ da ɗ da ɓ, ko da wayar da aka turo labarin da ita ba ta da su, don kada "kafa" da "ƙafa" su rikita mai karatu.

Lambobi da kalmomi ake rubuta su, yadda za a furta. Idan ka bar "N250,000" a takarda, ka bar wa mai karatu aikin ƙirga sifiri a kan iska. A misalinmu an rubuta "dubu ɗari biyu da dubu hamsin", an maimaita "dubu" don kada wani ya ji kamar naira hamsin ce a kan dubu ɗari biyu. Inda adadi ya zo da ɓurɓushi, kamar 248,700, sai a ce "kusan dubu ɗari biyu da dubu hamsin", sai fa in farashi ne ko kuɗin da mutum zai je ya biya. Kada a tara lamba fiye da ɗaya ko biyu a jimla. Tashoshin bakin iyaka suna da ƙarin aiki, domin a Maraɗi da Damagaram da dala da jika ake lissafi, dala ɗaya sefa biyar, jika ɗaya sefa dubu. Mai sauraro a Jibiya ko Maigatari yana jin tashoshin ɓangarorin biyu, don haka a faɗi ko naira ce ko sefa.

Lokaci ma haka. Wakilin ya rubuta "jiya", mu kuma muka sa "ranar Talata". Dalili shi ne ƙananan tashoshi sukan maimaita labaran dare da safe, wani kuma ya naɗa a waya ya tura wa 'yan'uwa bayan kwana biyu. "Jiya" da "gobe" suna tafiya da ranar da aka ji su, sunan rana kuwa yana nan inda yake. Idan labarin na ɗauke da abin da ake son mutane su yi, kamar zaman sulhu, rigakafin yara ko ranar sakin gonaki da hukumomin Nijar kan tsayar bayan girbi, a sa rana da wuri a jimlar ƙarshe, kuma ba laifi a maimaita su. Mutum yakan farga cewa labarin ya shafe shi ne bayan an wuce wurin.

Takardar da ke gaban mai karatu

Masu sana'ar kan yi lissafin kalma uku a sakan ɗaya, amma wannan awo ne na somawa. Kowane mai karatu da saurinsa, kuma labaran karkara sun fi son a sassauta. Abin dogaro shi ne a karanta da ƙarfi da agogo a hannu, a rubuta tsawon a saman takarda. Labaran minti biyar sukan ɗauki labari shida zuwa takwas, a fara da wanda ya fi shafar rayuwar masu sauraro, ba wanda ya fi girman mai magana ba. Lalacewar famfon da unguwa uku ke sha ta fi ziyarar ban girma da wani babba ya kai wa wani babba.

Kowane labari da takardarsa, domin idan sabon abu ya faso ana dab da shiga, a sauya jeri ba tare da an sake bugawa ba. A sama a sa ɗan gajeren suna, kamar "Rikicin gona", da kwanan wata da sunan wanda ya rubuta. Haruffa manya-manya, layuka da tazara, kuma kada jimla ta tsallaka daga shafi zuwa shafi. Idan akwai muryar wani da aka naɗo, a rubuta kalmominta na farko da na ƙarshe da tsawonta, don mai karatu ya san lokacin da zai dawo. Jimlar da ke gabatar da muryar kada ta cinye abin da mutumin zai faɗa. Ta faɗi ko wane ne, ta bar masa maganarsa. Baƙon suna kuma a rubuta shi gaɓa-gaɓa yadda ake furtawa. Mutanen ƙauye suna yafe abubuwa da yawa, amma ba sa mance tashar da ta karya sunan garinsu.

Sanarwar da aka biya kuɗinta, ta ɗaurin aure ko ta taron jam'iyya ko ta mai maganin gargajiya, ba ta shiga cikin labarai. A ba ta lokacinta daban, da kiɗan da ya raba su, yadda mai sauraro zai san an fita daga wannan an shiga wancan. Sunan wanda ya rasu a haɗari ba ya hawa iska sai an tabbatar iyalinsa sun sani, kuma ba a ambatar sunan yaro ƙarami da ake tuhuma ko wadda aka ci wa zarafi.

Magana zarar bunu ce, ba ta komawa, amma kuskure yana da gyara. A ce bayan an watsa labarin Unguwar Rimi sai 'yan sanda suka kira suka ce mutum ɗaya suka kama, ba biyu ba. Ba a jira mako, ba a kuma ɓoye gyaran a ƙarshen shirin gaishe-gaishe. A labarai na gaba, da kuma na irin lokacin da aka yi kuskuren washegari, mai karatu zai ce: "A labaranmu na ranar Laraba mun ce an kama mutum biyu a Unguwar Rimi. 'Yan sanda sun ce mutum ɗaya ne. Muna neman afuwa." Sannan a gyara takardar da ke cikin fayil, don kada mai aikin dare ya ɗauko tsohuwar ya sake karantawa.